Jinyar iyaye: idan ƙauna da ƙosawa suka zauna a zuciya ɗaya

Akwai wata magana da masu jinyar iyaye ba sa faɗa a gaban mutane. Idan ma sun faɗa, sai a ɗakin likita bayan an rufe ƙofa, da murya ƙasa-ƙasa, sau da yawa da hawaye. Maganar ita ce: ina son mahaifiyata, zan iya ba da raina dominta, amma akwai daren da idan ta kira sunana sai in ji kamar in toshe kunnena. Wadda ta faɗi haka takan biyo da tambaya, wai ko ita muguwar ɗiya ce.

A wannan makon zan fi yin magana da mata, domin a yawancin gidajenmu su ne ke kwana a gefen katifar mara lafiya. Amma namijin da ke ɗaga mahaifinsa zuwa banɗaki kullum zai ga kansa a ciki.

Abin da wannan mata ke ji yana da suna a ilimin halayyar ɗan Adam. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ne ya ƙirƙiro kalmar a shekarar 1910, daga saiwoyin Latin guda biyu masu ma'anar "duka biyu" da "ƙarfi". Wato ji biyu masu adawa da juna game da mutum ɗaya ko shawara ɗaya, a lokaci ɗaya, kowanne kuma da ƙarfinsa. A Hausa muna cewa "zuciya biyu", sai dai kalmar tana da hatsari, domin idan aka ce wane mai zuciya biyu ne, abin da ake nufi munafunci ne ko rashin gaskiya. Abin da muke magana a kai ya bambanta da wannan. Munafuki yana nuna abu ɗaya ya ɓoye wani don ya cuci mutum. Mai jinyar nan kuwa duka biyun gaskiya ne a ranta, ƙaunar da ƙosawar.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna ɗaukar zuciya kamar sikelin mai nama: so a faranti ɗaya, haushi a ɗayan, duk abin da aka ƙara nan sai can ya yi sama. A wannan lissafin, idan kin ji haushin mahaifiyarki kashi bakwai cikin goma, to ƙaunarki ta koma uku ke nan. Masu bincike sun daɗe da gano cewa ba haka abin yake tafiya ba. Tun a 1972 wani mai suna Kalman Kaplan ya nuna cewa idan ka tambayi mutum ra'ayinsa a kan layi ɗaya, daga ƙi zuwa so, wanda ya tsaya a tsakiya zai iya zama ɗaya daga cikin mutum biyu. Ko dai wanda abin bai dame shi ba ko kaɗan, ko kuma wanda ake ja ta ɓangarori biyu da ƙarfi. Sai ya ba da shawarar a raba tambayar gida biyu. A tambayi mutum yawan abin da yake so, ya manta da ɓangaren ƙi, sannan a tambaye shi yawan abin da yake ƙi, ya manta da ɓangaren so.

Ki gwada da kanki. Maƙwabcin da kuke gaisawa kawai a bakin famfo, wataƙila ƙauna ɗaya cikin goma, haushi ɗaya. Mahaifiyar da kike jinya, ƙauna tara, haushi bakwai. A sikelin mai nama dukansu sun faɗa kusa da tsakiya, amma ke kin san ba ɗaya ba ne. Bakwai ɗin nan ba ta rage komai daga taran ba. Hasali ma wanda ba ka damu da shi ba, da wuya ya iya ɓata maka rai har haka. A 1998 wasu masana biyu, Kurt Lüscher da Karl Pillemer, sun kawo wannan tunani cikin nazarin iyali, suka ce dangantakar iyaye da 'ya'yansu manya da ma haka aka gina ta, da kusanci da takura a haɗe, kuma bai kamata a riƙa kasa iyalai gida biyu, masu zumunci da masu rikici, ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki, domin magana a sama ba ta warkar da kowa.

A ce wata mata ce mai shekara arba'in da 'yan kai, tana zaune a Agege da mijinta da yara uku a gida mai ɗaki biyu da falo, tana da ɗan shagon atamfa. Mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki a gida Arewa, aka yi shawara a kawo ta Legas saboda asibiti ya fi kusa kuma ita ce babbar 'ya mace. Wata takwas ke nan. Hajiya ba ta iya juyawa da kanta, kuma ma'aikatan jinya sun ce a riƙa juya ta kamar duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta a ƙugu da duga-dugai. Akwai wanka, akwai canza ƙunzugu, akwai abinci a baki sannu a hankali don kada ta ƙware, akwai maganin hawan jini a kan lokaci. Ƙanenta biyu maza, ɗaya a Abuja ɗaya a Kano, suna turo kuɗi kuma suna kiran waya. Shagon yanzu sai yamma take leƙa shi, idan ma ta samu.

Wata rana tana wanke zanin gado da ƙarfe uku na dare sai tunani ya faɗo mata: yaushe wannan abu zai ƙare? Ta san abin da ƙarewar ke nufi. Tun daga ranar take azabtar da kanta. Ta daina barin kowa ya taimaka mata, wai don ta wanke laifin, ta ƙara gajiya, gajiyar ta ƙara haushin, haushin ya ƙara jin laifin. Wannan zagayen shi ne ainihin ciwon. Jin abu biyu a lokaci ɗaya bai cika karya mutum ba. Abin da ke karya shi shi ne hukuncin da yake yanke wa kansa saboda ji na biyun, da irin kaffarar da yake ɗora wa jikinsa.

Matakin farko mai sauƙi ne har za ki raina shi. Ki samu ɗan littafi, na kwana bakwai. Duk lokacin da kika ji ranki ya ɓaci a kan jinyar, ki rubuta abu uku: ƙarfe nawa ne, me kike yi, wa ke wurin ko wa ya kira. Ki ba ɓacin ran maki daga ɗaya zuwa goma. A shafin da ke fuskantarsa kuma ki rubuta lokutan da kika ji tausayi ko daɗin zama da ita, su ma da makinsu. Shafi biyu daban, kada ki haɗa su, kada ki ɗebe wannan daga wancan. Idan rubutu na yi miki wuya, ki yi wa kanki saƙon murya a waya.

Matar misalinmu, bayan mako ɗaya, ga abin da za ta iya gani. Haushin ba a warwatse yake cikin yini ba, yana da wuraren taruwa guda uku. Na farko tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na dare, lokacin juyi. Na biyu lokacin wanka, sa'adda take ɗaga mutum mai nauyi ita kaɗai bayanta na ciwo. Na uku, kuma shi ne mai maki mafi yawa, bayan kiran ƙanenta na Abuja, lokacin da fuskar Hajiya ke washewa tana sa masa albarka minti goma, sannan ta juyo ta ce kunun ya yi sanyi. A ɗaya shafin kuwa akwai safiya bayan an karya, sa'adda take taje mata kai, da lokacin da Hajiya ke riƙe hannun ƙaramin jikanta da hannun mai lafiya.

Kin ga abin da littafin ya yi? "Ina jin haushin uwata" ya rabu kashi uku, kuma kashi biyu ba na uwar ba ne. Na farko rashin barci ne. Duk wanda ake tayarwa sau uku a dare na tsawon watanni, fushinsa zai matso kusa, ko da waliyyi yake jinya. Na biyu ciwon baya ne da aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Waɗannan biyun suna da magani a zahiri, kuma maganinsu ba istigfari kaɗai ba ne.

A nan ne ake buƙatar magana da dangi, kuma a nan yawanci ake kuskure. Mai jinya takan yi shiru har ta cika, sannan ta fashe a waya da "ku ba ku san abin da nake ciki ba". Ɗan'uwa ya ji an zarge shi, ya fara lissafa kuɗin da ya turo, a rabu baram-baram. Buƙata mai adadi ta fi kuka tasiri. Ta ce wa ƙanen: ina son a ɗauko wata daga gida ko a biya mai taimako ta riƙa kwana da Hajiya dare biyu a mako, Talata da Juma'a, in yi barci a ɗakin yara. Ina son kujerar wanka da ledar shimfiɗa a gado. Ina son likitan gashi ya zo ya koya mini yadda ake ɗaga ta da zani, mutum biyu, ba da ƙarfin baya ba. Ina son kai ka zo ka yi kwana huɗu a watan gobe. Mutumin da ke nesa sau da yawa shi ma yana da tasa zuciyar biyun, sauƙin cewa ba shi ke wankin ba da kunyar cewa ba shi ke wankin ba, kuma kuɗi ne kaɗai hanyar da ya sani ta rage kunyar. Idan aka ba shi aiki takamaimai, yawanci yakan karɓa.

Kashi na uku shi ne mai wuya, kuma ba zan yi miki alkawarin kujerar wanka za ta taɓa shi ba. Wannan mata 'yar fari ce. A al'adarmu uwa tana yi wa ɗan fari alkunya: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane, sau da yawa ma a hannun kaka ko gwaggo yake tashi. Ƙananan kuwa an goya su an yi musu wasa a fili. Yanzu ga wadda aka yi wa kara shekara arba'in ita ce ke wanke uwar, ga wanda aka shagwaɓa yana karɓar albarka ta waya. Abin da ke tashi a ranta lokacin kiran nan ya girmi ciwon Hajiya da shekaru masu yawa. Jinya ba ta ƙirƙiro shi ba, ta dai kulle su a ɗaki ɗaya da shi.

Me za a yi da irin wannan? Abu na farko, a kira shi da sunansa, ko da a zuci ne: ina son ta gode mini, kuma mai yiwuwa ba za ta iya ba. Tsohuwar da ba ta kira sunan 'yarta ba tana da lafiya, da wuya ta fara yanzu da harshe ya yi nauyi. Wata godiyar ma tana zuwa ta hanyar da al'adar ta bari, kamar ta ƙi cin abinci daga hannun kowa sai naki, abin da ke kike gani a matsayin ƙarin wahala. Ba na cewa lallai ki ɗauke shi a matsayin yabo. Ina cewa yana iya zama duka biyun. Abu na biyu, ki samu mutum ɗaya da za ki faɗa wa duka shafukan biyu ba tare da ya yi miki wa'azi ba kuma ba tare da ya zuga ki ba. Mai wa'azin zai goge shafin haushi, mai zugar zai goge shafin ƙauna, dukansu za su bar ki da rabin labarinki. Kuma ki lura, hakkin iyaye da aka hore mu da shi yana kan abin da harshe ya furta da abin da hannu ya aikata. Wadda ta ji ƙosawa da ƙarfe uku na dare amma ta tashi ta juya uwarta a hankali, ta sauke abin da ke kanta a daren.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani game da ita mara lafiyar. Shanyewar ɓarin jiki ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma yana iya sauya hali: saurin fushi, kuka ko dariya ba dalili, rashin haƙuri. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga shi suna fama da ciwon damuwa daga baya, kuma ana magance shi. Tsoho mai ciwon mantuwa kuwa yakan zargi wanda ya fi kusa da shi da sata, domin ya manta inda ya ajiye abu. Idan Hajiya ta koma mai faɗa bayan ciwon alhali da ba haka take ba, ki gaya wa likitanta, kada ki haɗiye shi a matsayin ra'ayinta game da ke. Ita ma, kada mu manta, tana iya kasancewa tana jin abu biyu: godiya ga hannun da ke wanke ta, da takaicin cewa 'yar da take jin kunya ce ke ganin tsiraicinta. Wani faɗan kan kunu daga nan yake fitowa.

Me ya kawo wannan magana shafin lafiya? Domin jiki yana biyan kuɗinta. A 2003 Julianne Holt-Lunstad da Bert Uchino da abokan aikinsu a Amurka sun buga wani bincike inda mutum kusan ɗari suka ɗaura na'urar auna jini na kwana uku, suna aunawa a lokacin hulɗa da mutane daban-daban. Jinin ya fi hawa a hulɗa da waɗanda ake so kuma ake jin haushinsu, fiye ma da waɗanda ba a so kai tsaye. Bayanin da suka bayar yana da ma'ana: wanda ka san ba ka so kana iya kauce masa ko ka yi watsi da maganarsa, wanda kake so kuwa ba ka san da wace fuska zai tarbe ka yau ba, kuma maganarsa tana shiga. Binciken bai ce irin wannan dangantaka ita kaɗai ke jawo ciwon hawan jini ba. Amma idan mahaifiyarki hawan jini ne ya kwantar da ita, ke ma kina cikin layin gado. Na'urar da kike auna ta da ita, ki riƙa ɗaura wa naki hannun ko sau ɗaya a mako. Idan kina yawan ganin 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, ki ga likita don kanki.

Yanzu ga iyakar maganar, domin ba kowane hali ne za a ce masa "ba komai" ba. Alamar cewa abin yana cikin iyaka ita ce shafukan biyu duk suna da rubutu, kuma haushin yana sauka idan kin samu barci. Idan shafin ƙauna ya koma fari, ba haushi ba tausayi, kina jinyar kamar inji, wannan ba sauƙi ba ne, ƙonewa ce. Idan kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum rai a ɓace, abin da da yake faranta miki ya daina, abinci ba daɗi, barci ba ya zuwa ko da an karɓe ki, to ciwon damuwa ne ake zargi, kuma yana buƙatar likita. Idan tunanin cutar da kanki ya zo, ranar za ki nemi taimako, ba gobe ba.

Sai kuma alamun da suka shafi hannu. Kin fara yi mata tsawa. Kin fizge ta wajen juyi da ƙarfin da ya wuce buƙata. Kin ji kiranta kin bar ta cikin fitsari da gangan. Kin ƙara mata maganin barci fiye da yadda aka rubuta don ki huta, wanda ga tsoho yana iya jawo ruɗewa da ƙwarewa da abin da ya fi haka muni. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, to ji ya tsallaka ya zama aiki. A lokacin, ki tabbatar tana kwance lafiya ba za ta faɗo ba, ki fita daga ɗakin minti goma, ki kira wani ya karɓe ki. Washegari a zauna da dangi a sake tsarin jinyar gaba ɗaya, ko da hakan na nufin ta koma hannun wani na ɗan lokaci. Mutanen Legas suna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, na kusa da Abekuta suna da na Aro, asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan yana da cibiya ta musamman don tsofaffi, kuma likitan iyali a babban asibitin da ke kusa da ku zai iya fara duba ki ya tura ki inda ya dace. Idan kin je, ki tafi da ɗan littafin nan, zai rage miki wahalar bayani.

Wani abu na ƙarshe da ya kamata ki ji tun kafin ya zo. Idan doguwar jinya ta ƙare da rasuwa, da yawa daga cikin masu jinyar suna jin baƙin ciki da sauƙi a tare, wani lokaci a daren farko da suka yi barci ba a tashe su ba. Sukan farka cikin firgici da kunya, ga gida cike da masu ta'aziyya, babu wanda za a faɗa wa. Masu aiki da iyalan da suka yi doguwar jinya sun san wannan sauƙin sarai, musamman inda mara lafiyar ya sha wahala. Idan kin je gaisuwa gidan da aka yi irin wannan jinyar, bayan addu'a, ki ja wadda ta yi ta gefe ki tambaye ta ko tana samun barci, sannan ki yi shiru ki ji abin da za ta ce.